Wace hanya za ka bi ka mayar da Word zuwa PDF shafuka ba su watse ba?

Kundin kammala karatun ƙanwata shafi 86 ne a kwamfutata. Na zuba shi a filash na kai wani shagon buga takardu, aka mayar da shi PDF a can, sai ga shi ya koma 91. Kan babi na uku ya maƙale a gindin shafi, lambobin da ke jerin abubuwan ciki duk sun saɓa. Ba mu lura ba sai da aka ɗinke kwafi huɗu.

Abin da na gano daga baya shi ne, Word ba ya ajiye shafuka a kafe. Duk lokacin da aka buɗe takarda, sabon lissafi yake yi da faɗin haruffan da ya tarar a wannan kwamfutar. Da salon haruffa na Aptos aka rubuta kundin, wanda ya gaji Calibri a sababbin Office. Tsohon Office ɗin shagon bai san shi ba, sai ya musanya shi da wani a ɓoye. Harafi ya ɗan fi faɗi, kalma ta sauka layin ƙasa, layi ya ture sakin layi, har abin ya kai ga shafi. PDF hoton abin da ya tarar kawai yake ɗauka.

Shi ya sa zaɓina ɗaya ne: ka yi PDF ɗin da Word, a kan kwamfutar da ka yi rubutun, ta File > Save As ka zaɓi PDF. A nan haruffanka suke, don haka abin da kake gani shi zai fita. Kafin ka adana, danna Options ka sa alama a PDF/A compliant, wanda ke tilasta a cusa haruffan cikin fayil ɗin. Ga mai rubuta Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Salon da ba shi da ƙ, ɗ, ɓ aro yake yi daga wani, sai ka ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Tsofaffin salon Hausa irin su Rabiat kuwa, idan babu su a kwamfuta, wasu alamomi ne dabam za su fito a gurbin masu lanƙwasar.

Amma ka gyara takardar tukuna. Danna Ctrl+Shift+8 ka ga ɓoyayyun alamomi. Idan ka tarar da Enter goma a jere don tura babi zuwa sabon shafi, goge su ka sa Ctrl+Enter guda ɗaya. Da Enter ƙanwata ta raba babukanta, shi ya sa layi ɗaya da ya ƙaru ya rusa komai. Sannan ka duba Layout > Size ya zama A4. Takardar Letter ta Amurka ta gaza A4 tsawo da kusan milimita 18, wajen layi uku ke nan a kowane shafi.

Idan dole ne a buɗe fayil ɗin Word a wani wuri, je File > Options > Save ka kunna Embed fonts in the file. Yana taimakawa, sai dai akwai salon da lasisinsa ya hana a cusa shi.

Microsoft Print to PDF yana aiki, amma yana kashe mahaɗan da ake dannawa. Google Docs da manhajojin waya kowanne da nasa lissafin shafi, ban yarda da su a kan doguwar takarda ba.

Sai shafukan intanet masu cewa kyauta ne. Nan nake so ka buɗe ido. Na farko, ba su da haruffanka, musanyawa za su yi. Na biyu, takardarka mai suna da lambar waya ta tafi hannun wanda ba ka sani ba. Wasu sai sun gama aikin su nemi katin banki, wasu su manna tambarinsu a kowane shafi, wasu kuma maɓallin Download uku za su jera maka, biyu na bogi. A watan Maris na 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ɓarayi na amfani da irin waɗannan shafuka wajen dasa muguwar manhaja. Idan ka tura takarda aka dawo maka da fayil mai ƙarewa da .exe, kada ka kuskura ka buɗe. A shago ma ana yin algus: wani sai ya buga takardar, ya ɗauki hotonta, ya ce ga PDF. Gwada zaɓar kalma ɗaya da linzami. Idan ta ƙi zaɓuwa, hoto aka ba ka.

Kafin ka biya kuɗin bugu, buɗe PDF ɗin a Adobe Acrobat Reader, danna Ctrl+D, ka shiga Fonts. Kowane salo ya kamata ka ga Embedded ko Embedded Subset a gefensa. Daga nan ka gwada yawan shafuka da na Word, ka leƙa farkon babin ƙarshe ka ga ko lambarsa ta dace da wadda ke jerin abubuwan ciki.