Takardar tallan riɗi da Hausa da Turanci: wacce za ka biya a buga maka?

In kaka ta yi a yankinmu na Maigatari, masu neman riɗi iri biyu ne: dillalin gida da ke zuwa kasuwa ran Alhamis, da wakilin kamfani da ke aiko saƙo daga Dawanau ko Legas, ba ya jin Hausa. Takarda ɗaya kake so ta ishe su duka, ta liƙawa a ƙofar sito da ta turawa a waya.

Masu shagon kwamfuta sun fi son layi-layi, wato kowane layin Hausa da Turancinsa a ƙasa. Tsawo kawai take ƙarawa, ido ya gaji. Ta gaba da baya kuwa, da an ɗauki hotonta rabi ya ɓace.

Wadda nake yi yanzu ita ce mai tsakiya ɗaya. Duk abin da lamba ce, sau ɗaya ake rubuta shi da manyan baƙaƙe a tsakiya: yawan buhu, kilon kowane buhu, farashi, lambar waya, kwanan wata. Lamba ba ta da yare. Sunan kaya ne kaɗai ke zuwa sau biyu a sama, Farin riɗi / White sesame. Daga nan kowa da nasa. Ɓangaren Hausa ya faɗi tiya nawa ne a buhu, na bana ne ko na bara, sito na bayan wane masallaci, ana bashi ko ba a yi. Na Turanci ya faɗi an tankaɗe ko ba a tankaɗe ba, tirela na iya shigowa ko sai an yi jigila zuwa bakin titi, da yadda za a biya ta banki. Ɗan gari bai buƙatar a kwatanta masa hanya daga Gumel, shi kuma baƙo ina ruwansa da tiya?

Amma wallahi a kula da wanda zai rubuta Turancin. Shekarar da na fara, wani yaro ya buga mini irin ta layi-layi. Ashe a layin Turanci lambar wayar yayansa ya sa, ya kuma ɗora wani abu a kan farashin. Sati uku ina mamakin shirun mutanen kamfani, alhali can ake kira, a zo a saya a hannuna da arha a miƙa musu. Sai da malamin firamaren garinmu ya karanta ya ce, "Alhaji, wannan lambar ta ƙasa taka ce kuwa?"

Shi ya sa ko ba ka jin Turanci, ƙirga lambobin da kanka: in waya ko farashi ya fito sau biyu, kar ka karɓa. Ka sa wani dabam ya mayar maka da Turancin baki da baki kafin a buga, kuma guda ɗaya za a fara bugawa, ba ɗari ba. Ka duba ƙugiyar baƙaƙe ma, don na taɓa ganin baƙin riɗi ya koma "bakin ridi".