Na biya a ɗaura wa mutum-mutumina ƙasusuwa, gwiwar hannu ta dawo mini a lotse

Hakkin mai hakki dai, aikin ya iso kan lokaci, kuma bidiyon gwajin da mutumin da na ba aikin ya haɗo da shi ya burge ni. Mutum-mutumin na 3D yana ɗaga hannu, yana naɗewa, damtse cike, babu inda ya motse. Har na yi masa godiya mai tsawo, wadda yanzu nake jin kunyar sake karantawa.

Asiri ya tonu ne da na fitar da fayil ɗin a FBX na kai shi injin wasan da nake aiki da shi. Ina lanƙwasa hannun hagu sai gwiwar ta shafe kamar tiyon ruwa da aka taka, tsinin baya ya ɓace, cikin kuma ya tsuke ya shige cikin kansa. Na koma Blender na duba Armature modifier, ga Preserve Volume a kunne. Ina kashe shi, sai ga lotsewar nan sak. Ashe wannan akwatin ne ya rufa wa aikin asiri, shi kuwa ba ya bin fayil zuwa waje. A wurina nauyin da aka fenta wa kowane ɗigo, wato yawan jan da kowane ƙashi ke yi masa, shi ne kaɗai zai yi aiki.

Na shiga Weight Paint na zaɓi DEF-forearm.L, ƙashin ƙasan gwiwar hannun hagu. Kore ya malale daga tsakiyar damtse har kusan wuyan hannu, alamar With Automatic Weights aka danna aka tafi shan iska. Zoben layi uku ne a gwiwar, na danna N na duba Vertex Weights, dukansu suna kusa da 0.5. Ɗigon da ƙasusuwa biyu suka raba daidai yana tsayawa ne a tsakiyar wuraren da kowanne ke jan sa, wannan tsakiyar kuwa ta fi kusa da gaɓa. A lanƙwasa ta digiri 90 nisansa da gaɓar yana komawa kusan 0.71 na asali, a digiri 140 kuma kusan 0.34. To ka ga idan zobe uku suka faɗa tare, me ya rage?

Da kaina na gyara. Na bar hannun a lanƙwashe ina fenti, don in riƙa ganin abin da nake yi, na kunna Auto Normalize yadda duk abin da na ƙara wa wani ƙashi zai ragu daga ɗan'uwansa. A bayan gwiwa na ba zoben sama 0.1 na ƙashin ƙasa, zoben ƙasa kuma 0.9. A ciki na matse canjin sosai don fatar ta ninke wuri guda maimakon ta cukurkuɗe. Zoben tsakiya ya ci gaba da faɗawa, shi kam fenti ba ya iya masa. Sai na ƙara ɗan ƙaramin ƙashi a kan gaɓar, uwarsa ƙashin damtse, na sa masa Copy Rotation daga ƙashin ƙasa a Local Space da Influence 0.5, na miƙa masa zoben. Yana juyawa rabin lanƙwasar, tsinin ya tsaya cak. Sai dai a tuna a yi wa motsinsa Bake yayin fitarwa.

Kafaɗa kuwa, nan ne na ɗan sassauto. Na yi wa mutumin ƙorafin cewa tana tsukewa idan hannu ya wuce kai, ya amsa cikin ladabi cewa ban ɗaga ƙashin shoulder.L ba, damtsen kaɗai nake juyawa. Gaskiyarsa. Ko jikin mutum, hannu ba ya kaiwa sama sai ƙashin kafaɗa ya taya shi. Na ɗaga, tsukewar ta ragu ƙwarai, har na fara tunanin ko na yi masa zafi da yawa.

Ban gama wannan tunanin ba na juya mutum-mutumin na ga haƙarƙari yana bin hannu sama, hammata ta miƙe kamar fiffiken jemage. Na sa Zero Weights a kan Active, inda ya kamata ya yi baƙi ƙirin a gefen ƙirji sai ga shuɗi, guntayen 0.05 da 0.1 na DEF-upper_arm.L warwatse har kusan kugu. Abin da ake samu ke nan idan hannu yana kusa da jiki lokacin ɗaurawa, kuma gogewar minti kaɗan ce ga wanda ya duba. Bai duba ba. Ko Limit Total bai yi ba, alhali na faɗa masa tun farko ƙashi 4 nake so ga kowane ɗigo.

Ya ce zai gyara hannun dama kyauta. Na ce ya bari, na riga na kwafe nauyin hagun zuwa can.