Hattara da masu sayar da lasisin Windows na "har abada ko ba intanet"

Jama'a don Allah ku yi hattara, abin nan ya ci ni kuma ba na so ya ci wani. Ina da kwamfuta da nake ajiye bayanan aiki, da gangan ba na jona ta da intanet. Na sayi lambar lasisin Windows 10 Pro wajen wani mai talla a onlayin, ya rantse min ta har abada ce kuma za ta yi ko ba netwok. Na tura kuɗi ya turo lamba.

Komai ya tafi lafiya lau, lambar ma ta shiga ba gardama, sai a ƙarshe wajen kunna lasisin ta cije, tana ta nuna min 0xC004F074. Na yi masa magana, wai laifina ne da ba intanet, in ƙaro kuɗi ya turo wani fayil amma sai na kashe antibairos kafin in buɗe. Nan jikina ya ba ni akwai lauje cikin naɗi.

Sai na buɗe Command Prompt na buga wannan:

```
slmgr /dlv
```

Wani ɗan akwati ya fito, a layin Description an rubuta VOLUME_KMSCLIENT, ƙarshen lambar kuma T83GX. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Irin wannan lamba ta manyan kamfanoni ce masu sabarsu ta KMS, wato sabar da ke kunna wa kwamfutocinsu lasisi, kuma Microsoft da kansu sun wallafa ta a fili kowa na iya gani, ita kaɗai ba lasisi ba ce, aikinta kawai ta ce wa kwamfuta je ki nemi sabar kamfani. To ni ina na ga saba? Ma'anar 0xC004F074 ke nan, ta nema ba ta samu ba. Wato abin da ke kyauta ya kwafo ya sayar min. Ko da ta samu sabar ma kwana 180 take bayarwa sai an sabunta, ina har abadan yake?

Lasisin gaske da ake sayar wa mutum ɗaya RETAIL za ka gani a wannan layin, kuma yana da hanyar kunnawa ba tare da kwamfutar ta taɓa intanet ba. Ka buga `slmgr /dti` ta ba ka Installation ID, ka miƙa wa Microsoft ta wayarka ko wata na'ura, su ba ka Confirmation ID mai lamba 48, ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka buga `slmgr /atp` ka bi shi da wannan lambar a layi ɗaya, shi ke nan. Babu fayil, babu kashe antibairos.

In ka riga ka saya wajen irinsu kuma kana ganin ta yi, buga `slmgr /xpr`, in ta nuna maka ranar ƙarewa to an yi maka irin nawa. Ni dai da na tura masa hoton akwatin nan ko minti 5 ba a yi ba ya yi bulokin ɗina, kuma har yanzu tallarsa na nan tana yawo.