Kamfanoni uku a ERP ɗaya: kowa ya shigar da nasa, ko a bar wa sistem?

"Salamu alaikum jama'a. Alhajinmu yana da kamfanoni uku a nan Legas: mai shigo da tayoyi ta Apapa, mai rarraba su daga sito a Ikeja, da na tireloli masu ɗaukar kayan. Duka ukun a kan ERP ɗaya suke, wato sistem ɗin da ke riƙe lissafi da kayan kamfani. Yanzu kowane akanta shi ke shigar da ɓangarensa na cinikin da muke yi da juna, ƙarshen shekara mu haɗa lissafin a Excel. An ba mu shawarar mu bar sistem ya riƙa rubuta ɓangarorin biyu da kansa, a yi haɗin ma a cikinsa. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai na fi karkata ga barin sistem ya yi, amma gyaran da zai yi muku rabi ne. Aikin haɗa lissafin rukunin kamfanoni kashi biyu ne: a sa littattafan ɓangarorin biyu su yi daidai da juna, sannan a cire ribar da kuka ci a kan junanku. Hanyoyin nan biyu sun sha bamban sosai a kashi na farko. A na biyun kuwa, kowacce tana iya yaudarar ka.

Mu ɗauki misali da kaya irin naku. Na Apapa ya shigo da taya 1,000, kowacce ta tsaya masa a naira 80,000 bayan kwastan da kuɗin fito. Ya sayar wa na Ikeja a kan 100,000 kowacce, wato miliyan 100, ya ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, inbois ya tashi miliyan 107.5. Ƙa'idar IFRS 10 ta ce idan aka zo haɗa lissafi, a share wannan ciniki gaba ɗaya, da bashin da na Apapa ke bi, da wanda ake bin na Ikeja. Sharewar ba ta yiwuwa sai adadin da ke littafin wannan ya zo daidai da na littafin wancan.

A hanyar da kuke kai yanzu, mutum biyu ne ke rubuta abu ɗaya a lokuta daban. Akantan Apapa yana fitar da inbois ranar da tirela ta bar yadi. Na Ikeja ba ya taɓa komai sai mai kula da sito ya sa hannu cewa kaya sun sauka. Ka ce tirela ta ƙarshe ta ɗauki taya 200 ranar 30 ga wata, ta kwana a cunkoson Ijora, sai ranar 1 ta isa. Littafin Apapa zai ce ana bin Ikeja miliyan 107.5, na Ikeja zai ce miliyan 86 kawai ya sani. Giɓin miliyan 21.5 ne, kuma taya 200 ɗin ba sa cikin kayan kowa, domin wancan ya cire su, wannan bai karɓa ba. Yadda za ka gane irin wannan giɓi shi ne yakan zo daidai da kuɗin inbois guda har da harajinsa. In kuwa giɓin ɗan ƙarami ne, ya yi daidai da wani kaso na kuɗin aikin kafin VAT, to duba ɓangaren tireloli: yawanci na Ikeja ya riƙe harajin da doka ta ce a cire kafin biya, shi kuma na sufuri bai rubuta ba don yana jiran takardar shaida daga hukumar haraji. Duka biyun ana warware su cikin minti kaɗan in an kama su a watan da suka faru. A watan Fabrairu, odita na zaune a ofis, sai ka tarar da irinsu goma sha wani abu sun cakuɗe sun zama adadi ɗaya da babu mai iya bayaninsa.

A hanya ta biyu, takarda ɗaya ce ke haifar da ɗayar. Da na Apapa ya tabbatar da inbois, sistem zai buɗe takardar saye a littafin Ikeja da adadi ɗaya, rana ɗaya, lamba ɗaya. A Odoo ana kunna wannan a `Inter-Company Transactions`, a Business Central kuma ana kafa kowane kamfani a matsayin `IC Partner`. Tayoyin da ke Ijora za su zauna a asusun kayan da ke kan hanya har sai sito ya karɓa, don haka bashin ya daidaita, kayan ma ba su ɓace ba. Amma abin da ya fi wannan amfani shi ne alamar abokin ciniki na gida, wadda SAP ke kira `Trading Partner`. Ana sa ta sau ɗaya a katin kwastoma da na mai kawo kaya, daga nan duk layin da aka rubuta da wannan kati zai ɗauke ta. Ranar haɗa lissafi, sistem ya san wane miliyan ne na gida, wane ne na mutanen waje. A Excel kuwa, akanta ne zai bi layi-layi yana tuna wane ne wane.

Sai dai wannan hanya tana da nata ramin. Daidaiton da take bayarwa na kwafi ne. In an sa farashin taya 110,000 bisa kuskure, littattafan biyu za su yarda da juna a kan kuskuren, babu giɓin da zai tona shi. A tsohuwar hanya aƙalla akantan Ikeja zai ɗaga waya ya yi gardama. Shi ya sa nake ba da shawarar takardar ta riƙa faɗowa a matsayin daftari, mutumin Ikeja ya gwada ta da takardar sauke kaya kafin ya tabbatar. Sannan duk wanda ya shigar da rubutun hannu kai tsaye a asusun tsakani ba tare da alamar ba, kamar albashin direbobi da wani kamfani ya biya wa wani, ya fasa tsarin. A kulle waɗannan asusai yadda ba za su karɓi layi marar alama ba. A kuma rufe wata a rana ɗaya a kamfanonin uku, in ba haka ba takardar da ta fito daga Apapa a watan da ke buɗe za ta tarar da Ikeja ya rufe, ta zame zuwa wata na gaba.

Yanzu kashi na biyu, inda kuɗin gaske yake. Na Ikeja ya sayar wa dilolin Ladipo taya 600 a kan 120,000, ya samu miliyan 72. Saura 400 suna sito, a littafinsa kuɗinsu miliyan 40. In ka tara littattafan biyu kawai, ciniki miliyan 172 ne, kuɗin kayan da aka sayar 140, riba 32. Amma abin da ya shigo daga waje miliyan 72 ne, tayoyin 600 kuma sun tsaya wa rukunin a miliyan 48, riba 24. Miliyan 8 ɗin da ke tsakani ribar da na Apapa ya rubuta ce a kan taya 400 da har yanzu suke hannunku. Kamar uba ne ya sayar wa ɗansa rago da riba, alhali ragon na nan ɗaure a tsakar gida. Rubutun sharewar shi ne:

```
Dr Revenue          100,000,000
Cr Cost of sales     92,000,000
Cr Inventory          8,000,000
```

Mutane da yawa suna share miliyan 100 daga ciniki da miliyan 100 daga kuɗin kaya su tsaya nan. Lissafi zai daidaita tsaf, ribar kuma tana ɗauke da ƙarin miliyan 8. Sistem ma haka zai yi maka in ƙa'idar da aka kafa masa ta share ciniki da bashi ce kawai, domin littafin Ikeja 100,000 ya sani, bai san 80,000 ba. Dole a samu inda aka ajiye asalin kuɗin kowane kaya ga rukuni, ko kason ribar da Apapa ke ɗorawa. In kason ɗaya ne a kan komai, abin da sauƙi, amma a kula: ribar kashi 25 ce a kan kuɗin saye, kashi 20 a kan kuɗin sayarwa, kuma 20 ɗin ake bugawa da miliyan 40. Wanda ya buga da 25 zai cire miliyan 10. In kuwa kason yana canjawa daga kwantena zuwa kwantena, kamar yadda canjin dala ke sa wa, sai an bi kayan da lambar kwantenar da suka shigo a ciki.

A nan ne hanyar Excel take da ɗan fifiko da kuma babban rauni. Fifikon shi ne akanta mai hankali yana ganin lissafin a fili, yana iya gyara shi ba tare da kiran masu kafa sistem ba. Raunin yana fitowa a shekara ta gaba. Rubutun sharewa ba ya shiga littafin kowane kamfani, don haka ranar 1 ga Janairu littafin Apapa yana nan da miliyan 8 ɗin cikin ribar da ya tara. Sai an sake cire su daga ribar farkon shekara, a sake su su zama riba lokacin da taya 400 ɗin suka tafi waje. A Excel wannan ya dogara ga wanda ya tuna, kuma in ya bar aiki ya tafi da tunaninsa. Alamar an manta ita ce ribar da aka tara a ƙarshen bara ba ta zo daidai da ta farkon bana ba. A sistem ana buɗe wani kamfani na takarda wanda ba ya ciniki, aikinsa ɗaukar rubutun sharewa kawai, shi kuma yana wucewa da ragowarsa zuwa sabuwar shekara.

Abu biyu kada ku share ta kowace hanya. VAT ɗin miliyan 7.5 tsakanin kowane kamfani ne da gwamnati, kowa da lambar harajinsa. Haka harajin ribar da na Apapa zai biya a kan miliyan 8 ɗin: ana bin sa yanzu, don haka a lissafin rukuni ana rubuta harajin da aka jinkirta bisa IAS 12, miliyan 2.4 in ana biyan kashi 30. Kuma kada sauƙin sharewa ya sa a riƙa sa farashin tsakani yadda aka ga dama, dokar farashi tsakanin kamfanoni masu alaƙa ta 2018 ta shafi na cikin gida ma. In Alhaji yana da abokin tarayya mai kashi 20 a kamfanin Apapa, miliyan 1.6 na sharewar, kafin haraji, daga rabonsa za a cire, tunda kamfaninsa ne ya ci ribar.

Da ni ne a kujerarka, zan fara da alamar da kulle asusai a wannan watan, in kunna takardar tsakani a matsayin daftari, in bar lissafin ribar da ke sito a Excel na wata biyu ko uku ina gwada shi da abin da sistem ya fitar. Kafin a kunna komai, ku zauna ku uku ku daidaita tsohon bashin da ke tsakaninku har zuwa naira ta ƙarshe, domin sistem zai ɗauki tsohon giɓin ya riƙa nuna shi kowane wata.