Gargaɗi ga masu haɗa gem: ana sayar da motsin ƙashi da sunan zanen hannu

'Yan'uwa masu haɗa ƙananan wasannin waya da kwamfuta, akwai wata damfara da ya kamata ku sani kafin ku tura wa kowa kafin alƙalami. Mutum zai tallata kansa a matsayin mai zana motsi da hannu, firam bayan firam, ya yanka muku farashi a kan kowane firam. Abin da zai kawo muku kuwa zane ɗaya ne tak, ya yayyanka shi, ya saka masa ƙasusuwa a manhaja, manhajar ta lissafa motsin, shi kuma ya fitar da sakamakon a jerin hotunan PNG ya ce ga aikin hannunsa.

Aikin ƙashi ba laifi ba ne, sana'a ce mai zaman kanta, kuma Darkest Dungeon da Slay the Spire da ita suka motsa halittunsu. Ana zana jarumi sau ɗaya, a raba shi gaɓa-gaɓa: kai, ƙirji, damtse, sangalin hannu, cinya, ƙwauri, tafin ƙafa. A manhaja irin Spine ko DragonBones sai a ɗaura kowace gaɓa a kan ƙashi. Inda ake son fata ko tufa ta lanƙwashe, kamar gwiwar hannu, sai a shimfiɗa wa hoton raga ta ƙananan alwatika, a raba wa kowane ƙulli na ragar nauyinsa tsakanin ƙasusuwan da ke kusa da shi. Ƙullin da ke tsakiyar gwiwar hannu zai iya bin damtse kashi 50, sangali kashi 50. Mai aikin zai tsara tsayuwa ta farko da ta ƙarshe, manhaja ta cike tsakani. Zanen hannu kuwa kowane firam sabon zane ne, irin yadda Studio MDHR suka zana Cuphead na 2017 a takarda, firam 24 a daƙiƙa. Wahalar ba ɗaya ba ce, shi ya sa kuɗin ma ba ɗaya ba ne.

Mu ɗauki misali da lissafi. Kuna son mayaƙi ɗaya mai motsi shida: tsayuwa firam 6, tafiya 8, gudu 8, sara 10, shan duka 4, faɗuwa 12. Jimla firam 48. A ce kun daidaita a kan dala 10 kowane firam, kuɗi ya kama dala 480, domin kuna biyan zane 48 ne. Ɗan damfarar zai yi zane ɗaya, ya haɗa ƙasusuwan sau ɗaya, sauran kuma jujjuya gaɓoɓi ne kawai. Wani ma zai nuna muku karamci, ya ce ya ƙara muku firam kyauta don motsin ya yi sulɓi. Wannan kyautar ita ce ya kamata ta fara tayar muku da hankali, saboda mai zana da hannu kowane ƙarin firam gumi ne a wurinsa, mai ƙashi kuwa lamba ɗaya zai canza a wurin fitarwa.

Asarar ba a kuɗin kaɗai ta tsaya ba. Firam mai faɗi da tsawo 512 yana da fiksel 262,144, kowane fiksel yana cin bait 4 idan ba a matse hoton ba, wato megabait 1 a ƙwaƙwalwar waya. Firam 48 sun doshi megabait 48 kafin a datse gefen da babu komai. A kan firam 12 a daƙiƙa, motsin na daƙiƙa huɗu ne; idan ya fitar da daƙiƙa huɗun nan a kan firam 30 a daƙiƙa, firam 120 ke nan, megabait 120 a kan jarumi ɗaya. Da ya ba ku ainihin ƙashin, duk gaɓoɓin za su iya shiga hoto ɗaya mai faɗi da tsawo 1024, megabait 4, kuma injin wasan ya riƙa lissafa motsin da kansa, ku canza masa riga ko takobi ba tare da an sake zana komai ba. Kun biya kuɗin zanen hannu, kun ɗauki nauyinsa a ƙwaƙwalwa, amma ba ku sami kyansa ba. Sauƙin da ƙashi ke bayarwa ma bai zo hannunku ba, tunda fayil ɗin yana wurinsa. A ƙaramar wayar Android wannan nauyin kaɗai ya isa ya sa wasa ya riƙa sarƙewa ko ya rufe kansa.

Gane shi ba wuya idan kun daina kallon motsin yana gudu. Ku tsayar da shi, ku bi firam ɗaya-ɗaya.

Ku fara da haske. Mai zane yana sanya walƙiyar sulke a ɓangaren da rana take, ko hannu yana sama ko yana ƙasa. A aikin ƙashi hasken a manne yake da hoton gaɓar, don haka idan mayaƙin ya ɗaga hannu sama, walƙiyar da ke saman damtse za ta juya ta koma gefe ko ƙasa, inuwa ta hau sama. Wannan alamar ita ta fi wuyar ɓoyewa, domin gyara ta na nufin sake zana gaɓar, abin da yake gudu tun farko.

Sai gwiwa da gwiwar hannu. Raga ba ta zana sabon layi, jan wanda yake akwai take yi. Idan hannu ya lanƙwashe sosai, alwatikan da ke bayan gwiwar suna miƙewa, na cikin lungun suna matsewa har su hau kan juna. Za ku ga baƙin layin gefe ya yi faɗi ya dushe a wani wuri, ya tsuke a wani wuri, gwiwar ta sirance kamar an lanƙwasa tiyo. Idan rigar tana da zane-zane, ko aska a wuya ko ɗige-ɗige, ku dube su da kyau: da'ira za ta koma siffar ƙwai, ta dawo da'ira idan hannun ya sauka. Ku ƙara girman hoton zuwa 400% za ku gani sarai.

Akwai gwajin da ya fi ido. Ku buɗe firam biyu masu nisa da juna a Krita ko GIMP, ɗaya a kan ɗaya, ku mayar da yanayin na saman zuwa `Difference`. Inda hotunan biyu suka yi daidai zai koma baƙi. Ku matsar da na saman, ku ɗan juya shi har kan mayaƙin ya hau kan ɗan'uwansa. Idan kan ya ɓace baƙi ƙirin, sai ɗan siririn zare a gefe, hoto ɗaya ne. Ku maimaita da takalmi, da tafin hannu, da ɗamara. Amma a yi adalci a nan: mai zana da hannu ma yakan kwafi kai ko takobi daga firam zuwa firam idan ba su canza ba, wannan al'adar aikin ce. Abin da ke tona asiri shi ne a ce kowace gaɓa, a duk motsi shidan, ta koma ga hoto guda. Wasu kan bi bayan aikin da tacewar da ke ɗan karkaɗa layi don ya yi kama da rawar hannu. Wannan yana ɓata gwajin baƙin, amma ba ya gyara hasken da ya juya, ba ya kuma mayar da da'irar da ta miƙe.

Hanya mafi arha ita ce ku tare shi tun kafin ciniki ya faɗa. Ku biya kuɗin gwaji na firam biyar kawai, ku ce mayaƙin ya juyo daga kallon gefe zuwa kallon gaba, yana kawo naushi wajen mai kallo. Hoton gefe ba shi da ido na biyu, ba shi da ɗaya kafaɗar, kuma raga ba za ta ƙirƙiro abin da ba a zana ba. Ƙwararren mai ƙashi yana iya ɗan juya fuska da dabara, amma cikakken juyi dole sai da sababbin zane. Mai zanen gaskiya zai karɓa ba musu. Ɗan damfarar zai fara kawo uzuri, ya ce wasa irin naku ba ya buƙatar juyi, ko ya madubanta hoton ya kawo muku, tabon da ke kuncin dama ya koma hagu.

Ku kuma nemi fayil ɗin asali, `.kra` ko `.clip` ko `.aseprite` ko `.psd`, mai ɗauke da zanen gwaji na kowane firam a ƙarƙashin layin tsafta. Fayil ɗin da kowane shafinsa gamamme ne, ba kuskure ba gogewa, shigo da shi aka yi daga waje. Idan har yanzu kuna shakka, ku kira shi ta bidiyo ya nuna allonsa, ya zana firam ɗaya tsakanin na 3 da na 4 kuna kallo.

Damfarar tana da wata fuskar ga waɗanda ƙashin suke so da gangan. Zai kawo `.json` ko `.skel` tare da `.atlas` da PNG, ya riƙe fayil ɗin `.spine` da hotunan gaɓoɓin, sai kun dawo neman gyara ya sa sabon farashi. Ku rubuta a yarjejeniya cewa da su za a miƙa aikin. Ku faɗa masa sigar da injinku yake amfani da ita, domin abin da aka fitar da Spine 3.8 ba zai buɗe a injin da ke amfani da siga 4.2 ba, lambobi biyun farko na sigar dole su zo ɗaya. Ku tambaye shi irin lasisinsa: raga da rabon nauyi suna cikin Professional ne, babu su a Essential, sigar gwaji kuwa ba ta ajiye aiki balle ta fitar da shi. Wanda ya maƙale a tsohuwar siga kuma ya ƙi bayani, akwai yiwuwar manhajar sata yake riƙe da ita. Ku ma da kanku sai kun mallaki lasisin Esoteric Software, kamfanin da ya yi Spine, kafin ku saka kod ɗin Spine a wasan da za ku saki, lasisin mai zanen bai rufe ku ba.

Batun biya kuma, kada ku yi cinikin biri a sama. Ku raba kuɗin gida uku: bayan zanen gwaji, bayan layin tsafta, bayan launi da fayilolin asali. Idan a dandalin da ke riƙe kuɗi har a gama aiki kuka haɗu, kada ku bi shi WhatsApp ko Telegram don ya yi muku ragi, domin da zarar kuɗin sun fita daga dandalin babu wanda za ku kai wa ƙara. A takardar yarjejeniyar ku rubuta adadin zane daban da adadin firam, misali zane 48 mabambanta a kan firam 12 a daƙiƙa, ku ƙara da cewa duk gaɓar da za a kwafa ko a motsa da ƙashi sai an sanar da ku kafin a fara.