Tsinken gwajin ciki na fitsari: abin da yake faɗa idan an ga jini, da abin da ba ya faɗa

Tsinken nan na tsomawa a fitsari yana aikinsa, kuma ina ba da shawarar a ajiye shi a gida. Sinadarin hCG yake nema, wanda jiki ke fara fitarwa bayan ciki ya kama. A yi amfani da fitsarin farko na safe, a tsoma shi kada ya wuce layin MAX, a kwantar da shi, a duba cikin minti biyar. Layi biyu, C da T, ciki ne, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layin da ya bayyana bayan minti goma ba abin dogaro ba ne.

Amfaninsa ya fi fitowa a irin wannan hali: mace al'adarta ta yi jinkirin kwana tara, sai ta ga jini kaɗan mai duhu, ta ɗauka al'adar ce ta zo a makare. Jinin al'ada yakan fara kaɗan, ya ƙaru ya yi ja, ya ɗauki kwana uku zuwa bakwai. Ɗigon jinin da wasu mata kan gani lokacin shigar ciki kuwa bai cika wuce kwana biyu ba, kuma ba ya cika auduga. Amma ido kaɗai ba ya rarrabewa, don haka a gwada. Idan layin C kaɗai ya fito alhali jinin ba irin wanda ta saba ba ne, a sake bayan kwana biyu ko uku.

Inda tsinken ya gaza shi ne abin da ya fi damuna. Ba ya nuna inda cikin ya zauna. Cikin da ya maƙale a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa ma layi biyu yake bayarwa, haka kuma bayan ɓari layin kan ci gaba da fitowa har makonni. Matar nan, idan aka ƙirga daga ranar farko ta al'adarta ta ƙarshe, cikinta ya wuce mako biyar, lokacin da ciki a wajen mahaifa kan fara nuna alama ke nan. Idan ciwo ya tsaya mata a gefe ɗaya na mara, ko ƙarshen kafaɗarta na ciwo, ko jiri na ɗibarta, ko ta suma, a kai ta asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Idan bututun ya fashe, jinin a cikin ciki yake taruwa, wanda ake gani a waje ɗan kaɗan ne.

Ɓari kuma yakan zo da jan jini, guda-guda, da murɗawar mara da ciwon baya. Jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya, zazzaɓi, ko ruwa mai wari, duk na gaggawa ne.

A asibiti hoton ciki ta farji ne ke nuna wurin da cikin yake. Idan bai gani ba tukuna, sai a auna hCG a jini, a maimaita bayan awa 48.