Gargaɗi: ku tambayi ranar biya kafin ku tambayi nawa za a biya

Jama'a, na daɗe ina kokawa da zuciyata a kan in rubuta wannan ko in bar shi, domin abin kunya ne a gare ni. Amma tunda mutumin da ya yaudare ni da tallan zuba jari yana nan yana yawo da takardunsa yana neman wasu, gara in faɗa.

Miliyan ɗaya na ba shi. Miliyan ɗaya cif, kuɗin da na yi shekaru ina tarawa. Ya ce a kamfaninsu ana sa miliyan ɗaya a karɓi miliyan biyu cikin shekara goma. Ina tuna zaman kamar yanzu. Ya juya takardar talla ta fuskance ni, ya ɗora biro a kan lambar, ya ce, "Malam, kai da ka yi karatun kuɗi ai ba sai na yi maka dogon bayani ba. Dubu ɗari biyu duk shekara, sau goma, nawa ke nan?" Na ce miliyan biyu. Ya ce, "To ka gani." Ni kuwa na yi murmushi, saboda ya yabe ni. Wannan murmushin ne ke hana ni barci har yau.

Kada wani ya ce ban yi lissafi ba. Na yi. Tun kafin in koma wurinsa karo na biyu na zauna da kwamfuta. Kuɗin nan yana cikin wani kasuwancin haɗin gwiwa da ke kawo min kusan kashi 15 cikin ɗari a shekara, don haka duk abin da zai sa in cire shi daga can dole ya kai hakan. Na ɗauki dubu ɗari biyun kowace shekara na mayar da ita darajarta ta yau, abin da a aji muke kira diskauntin, wato zaftare kuɗin da zai zo nan gaba gwargwadon daɗewar da zai yi bai zo ba. Ƙa'idar gajera ce:

```
PV = FV / (1 + r)^n
```

FV shi ne kuɗin da aka yi maka alkawari, r ribar da za ka samu da ka sa kuɗinka a wani wuri mai irin wannan hatsarin, n kuma yawan shekarun da za ka jira. Abin da ya fito, PV, shi ne darajar alkawarin a yau. Dubu ɗari biyun da za ta zo bayan shekara ɗaya daidai take da 173,913 a hannu yanzu, domin in ka juya 173,913 da ribar kashi 15, bayan shekara za ta koma dubu ɗari biyu. Ta shekara ta goma kuwa 49,437 kacal take a yau. Da na tara duka goman na samu 1,003,754. Wato zan ba da miliyan ɗaya in karɓi abin da ya ɗan ɗara miliyan ɗaya. Ba wata garaɓasa ba ce, amma ba asara, kuma ya ce babu faɗi-tashi irin na kasuwanci, kuɗi na zuwa a kan lokaci. Wane mai hankali ne zai ce wannan wauta ce? Lissafina daidai yake, har gobe ina nan a kan haka.

Abin da ban lissafa ba shi ne takardar da na sa wa hannu.

Shekara ta cika, shiru. Na kira, aka ce manaja ya yi tafiya. Na sake kira. A'a, kafin nan ma, tun a wata na takwas na taɓa tura masa saƙo ina tambayar ranar biyan farko, ya amsa da "kada ka damu Malam, komai yana cikin yarjejeniya." Ina da hoton wannan saƙon, zan saka shi. Lokacin ban gane abin da yake nufi ba. Sai da na je ofishin da kaina wata ma'aikaciya ta buɗe min shafi na bakwai, ta nuna min layi ɗaya da ƙananan haruffa: za a biya jimillar miliyan biyu a dunƙule a ƙarshen shekara ta goma. Na ce ba haka muka yi da shi ba. Ta ce, "Yallaɓai, ai jimillar ɗaya ce, miliyan biyu aka ce maka, miliyan biyu za ka karɓa." Da ya zo shi ma abin da ya maimaita ke nan, wai dubu ɗari biyun nan misali ne kawai ya ba ni na yadda ribar ke taruwa. Misali! Da bironsa a kan lambar!

A nan damfarar take, kuma ina so ku fahimce ta da kyau, domin ko sisi bai rage daga jimillar ba. Ranar biya kawai ya matsar. Miliyan biyu da za ta zo bayan shekara goma, in ka raba ta da 1.15 sau goma, wato da 4.0456, abin da ya rage 494,369 ne. Alkawarin da ya yi min da baki darajarsa 1,003,754, wanda ke cikin takarda 494,369. Fiye da dubu ɗari biyar sun salwanta tun a daƙiƙar da na sa hannu, kuma babu lamba ko ɗaya a takardar da za ka nuna ka ce ga ƙaryar. Na ba da miliyan ɗaya na sayi abin da bai kai rabin miliyan ba. Wanda ke shakka ya buga waɗannan a Excel ya gani:

```
=PV(0.15,10,-200000)
=PV(0.15,10,0,-2000000)
=RATE(10,0,-1000000,2000000)
```

Na ƙarshen zai ba ka kusan kashi 7.2. Iyakar ribar da suke ba ni ke nan a shekara, ƙasa da rabin abin da nake samu a inda na cire kuɗin. Ko ba kwamfuta ma ana ganewa: raba 72 da yawan shekarun da kuɗi zai ɗauka kafin ya ninka, za ka samu ribar shekara a ƙiyasce. 72 a raba da 10, ga 7.2 nan. Da miliyan ɗayan ta zauna inda take, ribar na komawa cikin uwar kuɗi, kuma kashi 15 ɗin ya ɗore, da bayan shekara goma ta haura miliyan huɗu. Na san kasuwanci ba ya tafiya a miƙe haka, wata shekarar a samu, wata a rasa. To ku rage, ku sa kashi 10. Har yanzu miliyan biyun tasu 771,087 ce a yau, har yanzu asara ce. Ban ma kawo maganar hauhawar farashi ba, ko abin da miliyan biyu za ta iya saya a lokacin, ko kuma ko kamfanin zai kai shekara goma a raye. Alkawarin da ba ka da tabbacin cikarsa da r mafi girma ake zaftare shi, kuma kowane ƙari a kan r yana ninkuwa sau goma a ƙasan lissafin.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ni ne mai yawan ƙorafi a aji a kan wannan darasin. Kowace jarrabawa sai ya fito. A darasin takardun lamuni ya fito, a na hannun jari ya fito, a na tantance ayyukan kamfani ya fito, masu shirin jarrabawar ƙwararru ta ACCA da CFA ma ba su tsira ba. Na taɓa ce wa malaminmu, "Malam, wai ba ku da wata tambayar ce?" Ya ce min tambayar ɗaya ce, riga take sauyawa. Na ɗauka zolaya ce. Ashe gaskiya ya faɗa. Farashin takardar lamuni shi ne darajar yau ta ribar da za ta riƙa biya haɗe da uwar kuɗin da za a mayar a ƙarshe. Biyan bashi na wata-wata ana fitar da shi ne ta yadda darajar yau ta dukkan biyan za ta yi daidai da abin da aka ranta. Kamfani in zai sayi inji, sai ya zaftare abin da injin zai kawo shekara-shekara ya cire kuɗin saye, in ragowar ta faɗi ƙasa da sifili ya fasa. Fansho ma haka. Kusan duk wata yarjejeniyar kuɗi musayar kuɗin wata rana ce da na wata rana, kuma ba a tara kuɗin ranaku daban-daban sai an kawo su rana ɗaya.

Kuma in kun lura, masu jarrabawa ba a ƙa'idar suke kama ɗalibi ba, kowa ya haddace ta. A lokaci suke kama shi. Biyan a farkon shekara ne ko a ƙarshe? Kashin da aka bayar na wata ne ko na shekara? Kuɗin a rarrabe zai zo ko a dunƙule? Shi ya sa ake cewa ka fara zana layi, ka sa sifili zuwa goma, ka ɗora kowane kuɗi a kan shekararsa kafin ka taɓa kalkuleta. Na zana layin nan ya fi sau ɗari a takardar jarrabawa. Na ci darasin da maki mai kyau. Ranar da kuɗina ne a kan tebur, sai na zana layin daga bakin mutum, ban zana shi daga shafi na bakwai ba. Shafuka goma sha biyu ne, ya ce yana da wani taro, ya ce duk abin da muka tattauna ne a ciki, ya miƙo min biron nan dai. Na karanta shafin farko da na ƙarshe. Wa bai taɓa yin haka ba?

Na manta ban faɗa muku ba, da na ce a ba ni kuɗina in fita, sai suka ce za su saye yarjejeniyar a kan dubu ɗari biyar da hamsin. Na dawo na lissafa. Saura shekara tara, miliyan biyu a kashi 15 ta kama 568,525. Kun gani? Sun san lissafin sarai. Lokacin karɓar kuɗina jimilla suka nuna min, lokacin mayarwa kuma sai ga darajar yau ta fito daga aljihunsu, har da ɗan ragi a kai. Mutumin da ya ce min miliyan biyu ai miliyan biyu ce, shi ne ya san ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Dubu ɗari biyar da hamsin a kan miliyan ɗaya. Ban karɓa ba tukuna, lauya yana duba takardar tallan, domin ita a jikinta an buga "200,000 duk shekara" ɓaro-ɓaro, kuma na ajiye ta.

Duk wanda ya zo muku da jimilla, ku ce ya rubuta ranar kowane biya, ku nemo ranakun a cikin yarjejeniyar da kanku, sannan ku zaftare. In yana sauri, ku bar shi ya tafi. Hoton takardar tallan, da shafi na bakwai, da saƙonninsa, zan saka su da zarar lauya ya ce in saka, bayan na rufe sunaye da lambobin waya.